Yadda ake fitar da takardar tambayoyi da amsoshi daga rubutun zaman da aka naɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar wake. Bayan girbi mun gayyato malamin gona ya yi mana zaman tambaya da amsa a kan ajiyar wake, muka naɗi zaman a waya, minti 95. Wani yaro a shagon buga takardu ya saurara ya rubuta komai, ya fito shafi 31. Shugaba ya ce in fitar da takarda guda ta tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu, a raba wa mambobi. Na fara kwafo su bi da bi, na kai shafi 9 ban ko yi rabi ba. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka ajiye shafi 9 ɗin nan gefe, domin in ka ci gaba a haka rubutun zaman za ka sake haifarwa, sai dai ya ɗan rame. Zama yana bin wanda ya riga ɗaga hannu ne. Takardar da shugaba yake so kuwa tana bin mutumin da ke tsaye a gaban buhunsa da igiya a hannu, yana neman amsar abu ɗaya. Saboda haka jerin da aka bi a zaman ba shi da wani amfani a wurinka, sai dai don gano inda kowace magana take.

Ka san girman abin da kake nema tun yanzu. Takarda A4 guda, gaba da baya, da rubutu mai girman 12 wanda dattijo zai karanta ba tare da ya matse ido ba, tana ɗaukar kalmomi 800 zuwa 900. Wannan shi ne tambayoyi 12 zuwa 14, kowace amsa kalma 40 zuwa 70. Shafi 31 kuwa ya haura kalma dubu goma. Ke nan fiye da kashi tara cikin goma na abin da ke hannunka ba zai shiga ba, kuma hakan daidai ne.

Aikin farko shi ne ka haɗa rubutun da sautin. Ka ajiye kwafi ɗaya na rubutun yadda yaron ya ba ka, kada ka taɓa shi, ka buga wani a takarda. Sai ka zauna ka saurari zaman daga farko har ƙarshe da biro a hannu, duk inda aka fara sabuwar tambaya ka rubuta mintin a gefen shafi: 07:40, 12:15, haka har ƙarshe. In a kwamfuta kake sauraro da manhajar VLC, `[` yana rage saurin magana, `=` yana maido da ita daidai, `Shift` tare da kibiyar hagu yana komar da kai baya da daƙiƙa 3, `Alt` tare da ita kuma daƙiƙa 10. Ka ware wa wannan awa biyu da rabi ko uku. Mutane suna tsallake shi don suna ganin ai rubutu yana nan, amma rubutun aikin kunnen mutum ɗaya ne wanda bai halarci zaman ba, wataƙila ma bai taɓa ɗaure buhun wake ba. Duk lokacin da shakka ta taso nan gaba, mintin da ka rubuta shi zai kai ka wurin cikin daƙiƙa kaɗan, maimakon ka yi ta lalube a cikin minti 95.

Gano tambayoyin ya fi yadda ake zato wuya. Neman alamar tambaya da `Ctrl+F` ba zai wadatar ba, don mai rubutawa sau da yawa ba ya sa ta. Mutanenmu kuma ba sa jefa tambaya tsirara. Mutum zai yi sallama, ya gode wa shugabanni, ya ba da labarin yadda bara ya zuba wake buhu shida ya buɗe da azumi ya tarar da gari, sannan ya ce "to shi ne nake son malam ya yi mana bayani", ya zauna. Tambayar tana cikin labarin, kai za ka zaro ta: me ya sa wake ke yin ƙwari duk da an sa shi a buhu mai leda? Wani kuma zai tashi sau ɗaya ya yi uku a numfashi guda, malam ya amsa ta ƙarshe ya manta biyun farko. Kowace ka ba ta layinta.

Akwai iri biyu da ke ɓacewa in ba a lura ba. Na farko tambayoyin waɗanda ke zaune a can baya. Wayar tana kan teburin malam, muryarsa ta fito raɗau, ta mai tambaya kuwa sai gunaguni, yaron ya rubuta "ba a ji ba" ko ya wuce abinsa. A nan daga amsa ake gano tambaya. In malam ya ce "a'a Hajiya, ko na gero ne haka za ki yi", ka san an tambayi ko buhun yana yi wa wani hatsi ban da wake. Ka rubuta ta, ka sa mata alamar cewa kai ka ƙiyasta, don a tabbatar daga baya. Na biyu su ne waɗanda malam ya yi wa kansa, inda yake cewa "wani zai ce, to in ɓera ya huda fa?" Waɗannan kada ka raina su. Ya kawo su ne don ya sha jin su a wasu garuruwa, kuma galibi amsarsu ta fi fitowa a tsare.

Duk abin da ka tsinto ka zuba a jadawali, a Excel ko a takardar da ka ja wa layi. Gida shida ya isa: lamba, minti, tambayar a jimla ɗaya, batunta a kalma ɗaya, mintocin da amsa take, sai halin amsar, wato cikakkiya ce, rabi ce, babu, ko akwai saɓani. Gidan batu shi ne mai aiki. Ka tsayar da kalmomi kaɗan ka riƙa maimaita su harafi da harafi, kamar bushewa, buhu, ɗauri, ajiya, magani, iri, farashi. In ka rubuta "bushewa" a nan, "shanya" a can, lissafi zai raba abu ɗaya gida biyu. In batun yana gidan D, wannan zai ƙirga maka:

```
=COUNTIF(D:D,"bushewa")
```

A ce ka tashi da tambayoyi 43. Da ka jera su bisa batu za ka ga da yawa abu ɗaya ne aka sake wa riga. Ma'aunin haɗewa shi ne amsa. In amsa ɗaya za ta gamsar da mutum biyun ba tare da an ƙara komai ba, tambayarsu ɗaya ce, ko da kalmominsu ba su yi kama ba. "Zan iya sake amfani da buhun bara?" da "Shekara nawa buhun yake yi?" da "Nawa ya ɗan huje, in yar?" duk suna komawa ga magana ɗaya, wato lafiyar ledojin ciki. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi yaudara. Mutum biyu sun ce "wata nawa wake zai yi a ciki?", amma ɗaya ɗan kasuwa ne mai jiran farashi ya tashi, ɗayan manomi ne da ke son ya shuka shi da damina. Na biyun tsiro yake tambaya. In ka haɗe su, ɗaya zai karanta amsar da ba tasa ba ya ɗauka an amsa masa. Bayan wannan aikin 43 takan dawo 17 ko 18.

Sauran raguwar hukunci ne, kuma yawan maimaituwa ba shi kaɗai ke yanke shi ba. Abin da mutum biyar suka tambaya zai shiga, babu gardama. Amma ka duba abin da zai faru in mutum bai san amsar ba. A ce mutum ɗaya tak ya tambayi ko zai iya jefa ƙwayar Phostoxin a buhu ya ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Wannan tambaya ta fi wadda aka yi sau shida a kan farashin buhu cancantar wuri, kuma a sama za ta zauna. Haka maganar zuba fiya-fiya a wake, wadda ba ƙaramar magana ba ce ga 'yan kasuwa: saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Waɗanda za ka fitar su ne na mutum ɗaya da matsalarsa, kamar wanda ya tashi yana ƙorafin bashin da ke tsakaninsa da ƙungiya, da waɗanda amsarsu ta mutu da ranar, kamar ƙarfe nawa mota za ta tashi.

Ka tuna kuma cewa ƙirgen nan na waɗanda suka sami damar magana ne. Mai baki ya yi huɗu, matan da ke zaune a baya wataƙila ɗaya ce ta yi magana a madadinsu. Kai sakatare ne, ka san abin da ake tare ka da shi a kasuwa bayan an tashi. In akwai tambayar da kowa ke yi amma ba ta fito a zaman ba, ka rubuta ta a jadawali da halin "babu", ka aika wa malam ya amsa. Kada ka amsa da kanka ka saka a cikin nasa.

Yanzu rubuta amsa, wanda shi ne ainihin aikin. Amsar tambaya ɗaya ba ta cika zama wuri ɗaya ba. Ga misalin yadda batun bushewa zai iya warwatsuwa a rubutu irin naka. A minti 23:

"Eh to Alhaji, ai shi dai waken nan, ka gane ko, in ka shanya shi kamar kwana biyu haka, shi ke nan ya yi. Don in da danshi ka rufe, to ka ga ai ka dafa shi ne da kanka."

A minti 51, wata tambaya daban ake amsawa, a kan fumfuna:

"Wannan ai danshi ne. Mu a wajenmu kada ya wuce 30 cikin ɗari. In ba ka da na'ura, ga dabarar gishiri, kamar yadda na nuna muku ɗazu."

A minti 78 kuma, ana gab da tashi:

"Af, abin da na ce wa Alhaji kwana biyu, wannan in iskar hunturu ta sauka ne fa. In da sauran raɓa ku ƙirga kwana, ku gwada."

Wanda ya kwafi minti 23 kaɗai ya ba mambobi dokar kwana biyu, alhali mai maganar ya janye ta da bakinsa. Shi ya sa ba a fara rubuta ko amsa ɗaya sai an gama cika jadawali, kuma in magana biyu suka yi karo, ta ƙarshe ce ake ɗauka a matsayin gyara, sai mai ita ya tabbatar.

Sauran guntaye biyun kowanne da tarkonsa. Adadin 30 ɗin nan ba zai yiwu ba, waken da danshinsa ya kai haka ɗanye ne. Malaman gona sukan faɗi lamba da Turanci a tsakiyar Hausa, kuma a can 13 da 30 sun yi kama ƙwarai a kunne, haka 15 da 50. Ko da Hausa aka faɗa, talatin da tamanin suna rikicewa in akwai hayaniya. In ka koma minti 51 ka rage sauri za ka ji 13 ya ce, wanda shi ne ya dace da abin da aka sani na ajiyar hatsi. Ƙa'idar ita ce kowace lamba da za ta shiga takardarka sai ka ji ta da kunnenka, ko kilo ce, ko kwana, ko naira.

Na minti 78 ya fi wannan haɗari. "In da sauran raɓa ku ƙirga kwana, ku gwada" magana ce da ba ta zauna ba, kuma rashin zamanta shi ne alamar. Abin da ya faɗa shi ne "kada ku ƙirga kwana". Kalmomin hani da kore gajeru ne, ana haɗiye su a magana, tari ɗaya ko jan kujera ya isa ya rufe su. "Ba a sa magani" in "ba" ta faɗi ya zama "a sa magani". Saboda haka duk jimlar da ke umarni ko hani, musamman a kan magani, ka saurare ta sau biyu. In amsa ta yi karo da abin da malam yake ta nanatawa a sauran zaman, ka fara zargin rubutun kafin ka zargi malam.

Sai "kamar yadda na nuna muku ɗazu". Waya ba ta naɗi hannu ba. Duk inda ka ga "kamar haka", "wannan ɗin", "zuwa nan", "ka murɗa shi haka", akwai abin da ido ya gani wanda mai karatu ba zai gani ba. Ko ka tambayi malam ya faɗa da baki, ko ka ɗauki hoto ka sa. Ga yadda guntayen uku za su dawo bayan an bi su, an kuma ji daga bakinsa:

*Yaya zan san wakena ya bushe har ya isa rufewa?*
*Kada ka dogara da ƙirgen kwana, ka gwada. Ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba wake zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara busasshen gishiri cokali biyu, ka rufe ka girgiza. Bayan minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, ka mayar shanya. Mai na'urar awo ya tabbatar danshin bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. Waken da aka rufe da danshi fumfuna yake yi.*

Ka lura da abin da aka yi. Tambayar da bakin mamba take, da kalmomin da zai faɗa, ba a mayar da ita "Muhimmancin busar da amfanin gona" ba, don mutum tambayarsa yake nema a shafi, in bai gan ta ba zai ce ba a amsa ba. Jimlar farko ita ce amsar. In tambaya ta eh ko a'a ce, kalmar farko ta zama eh ko a'a. In ta nawa ce, a fara da lambar. Dalili yana zuwa a baya, a jimla ɗaya. An zubar da "eh to", da "ka gane ko", da Alhaji. Barkwancin dafa wake ma ya tafi, kuma wannan da gangan ne. Raha da gatse suna rayuwa ne a murya da dariyar jama'a. In malam ya ce "to ka zuba fiya-fiyar mana, tunda ka gaji da iyalinka", ɗaki ya fashe da dariya, kowa ya gane. A takarda, a hannun wanda ke haɗa baƙi da ƙyar, rabin farkon jimlar izini ne.

Akwai kalmomin da suke kama da cikon baki amma ba a taɓa su: "galibi", "in dai", "sai dai in", "a ganina", "a yankinmu". In malam ya ce buhun PICS, wato buhun nan mai leda a ciki, yakan yi shekara uku in dai ledojin ciki biyun ba su huje ba, kai kuma don neman wuri ka rubuta "yana shekara uku", ka ɗora masa alkawarin da bai yi ba. Duk aikin buhun a kan toshe iska yake, ƙwarin su cinye wadda ke ciki su mutu, don haka sharaɗin hujin shi ne rabin amsar. Gara ka yar da tambaya guda sukutum ka sami wuri da ka yanke sharaɗi.

Ma'auni da lokaci su ma sai an daidaita su. Mudu da tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, "buhu" kuma yana iya zama mai kilo 50 ko mai 100. Ka tambaya wanne ake nufi, ka rubuta kilo kusa da shi. "Bana", "wata mai zuwa", "bayan salla" duk ka mayar da su wata da shekara, don takarda takan yi shekara biyu a aljihu ko a liƙe a bangon shago. Farashi kuwa shawarata a bar shi, a rubuta inda za a tambaya. In shugaba ya nace, a sa shi tare da watan da aka faɗe shi.

Sunayen masu tambaya duk su fita, har da abin da zai nuna su ba tare da suna ba. "Wani mai shago a bakin tasha da ya yi asarar buhu 40" kowa a garin ya san shi, kuma bai tashi a taro don a buga asararsa a raba ba. Ko wanda ya furta cewa yana zuba magani a waken sayarwa, ka ɗauki tambayar ka bar mutumin. Sunan malam da lambar wayarsa ma sai da izininsa, domin yardar da ya ba ku ta naɗar murya ba ita ce yardar buga sunansa a ƙarƙashin takardar da za ta zaga gari ba.

Wannan ya kawo mu ga matakin da ba a tsallakewa ko ana sauri. Daftarin zai koma wurin malam kafin a buga. Kada ka aika masa shafi 31, ba zai karanta ba. Ka aika shafi biyun, kowace amsa da mintocin da ka ɗauko ta, ka kuma ware masa abu uku a fili: inda ka ƙiyasta tambaya, inda maganarsa biyu suka saɓa da wadda ka zaɓa, da tambayoyin da ya ce zai bincika ko bai kai gare su ba. Ka yi masa tambayar da za a amsa da kalma ɗaya, kamar "a lamba 4, 13 ne ko 12?", maimakon "malam a duba mana". Ka faɗa masa ranar da za a kai wa mai bugawa, ka nemi amincewarsa a rubuce ko da saƙon waya ne, ka adana. Sau da yawa mai amsa in ya ga maganarsa a rubuce yakan ce ba haka ya so faɗa ba. Ka bar shi ya gyara. Takardar ba shaidar abin da aka faɗa a ranar ba ce, wannan aikin rubutun zaman ne da ka ajiye. Abin da ya rage babu amsa har ranar bugawa ka cire shi, ko ka rubuta a ƙasa cewa ana jiran amsarsa.

Jerin tambayoyin ya bi yadda aikin yake tafiya a hannu: gargaɗin magani a sama, sannan bushewa, duba buhu, cikawa da ɗaure kowace leda daban, wurin ajiya, buɗewa, sai iri da sayarwa. Ka sa wa kowace lamba, don a iya cewa "duba ta bakwai" a waya. Tambaya da baƙin rubutu mai kauri, amsa da na kullum, da ɗan fili tsakaninsu. Kowace amsa ta tsaya da ƙafarta, kada ka rubuta "kamar yadda aka faɗa a sama", saboda mutane za su ɗauki hoton guda ɗaya su tura wa ɗan'uwa, sauran ba za su bi ta ba. A ƙasan shafi ka rubuta ranar zaman, ranar da aka buga, da cewa wannan bugu na ɗaya ne. In za ka tura ta waya ka mayar da ita PDF tukuna, don fayil ɗin Word yakan wargaje a wata wayar, ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna. Ga masu WhatsApp ka yi wani kwafin na rubutu zalla, ka sa tambaya tsakanin taurari biyu, `*kamar haka*`, za ta fito da kauri. In mambobinku da yawa ajami suka fi karantawa, ko ba sa karatu, to bayan malam ya amince a sa mai murya ya karanta takardar a naɗa, ko a juya ta zuwa ajami, amma daga wadda aka amince da ita, ba daga rubutun zaman ba.

Kafin ka yi kwafi ɗari, ka buga uku ka ba mutum uku da ba su je zaman ba. Wanda ya je zai cike giɓi da abin da ya tuna, ya ce maka komai ya fito. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, za su ce ta yi. Ka ce wa ɗaya, "ɓera ya huda maka buhu, nemo abin da za ka yi", ka ga ko zai samu cikin rabin minti. In ya daɗe yana juya takarda, kalmomin tambayar ba nasa ba ne, ka tambaye shi yadda shi zai faɗe ta ka sa haka. Ka sa na biyu ya karanta amsa ɗaya da ƙarfi; duk inda ya yi tuntuɓe ko ya koma baya, jimlar ta yi tsawo, ka raba ta biyu. Na uku kuma ka karɓe takardar daga hannunsa ka ce ya faɗa maka abin da zai yi da kwalba da gishiri. In ya tsallake jiran minti 15, to a takardar wannan matakin ya ɓuya a tsakiyar jimla, ka ba shi tasa jimlar.

Sautin, da rubutun asali, da jadawalin, da saƙon amincewar malam, ka haɗa su wuri ɗaya, ka ajiye kwafi a wata wayar ko filashi. Tambayoyi huɗu ko biyar da suka faɗi a zagayen ƙarshe, da waɗanda aka rasa amsarsu, su za ka miƙa wa malam tun kafin zama na gaba. A wannan zaman kuma ka roƙe shi ya riƙa maimaita kowace tambaya da bakinsa kafin ya amsa, ka sa waya ta biyu a tsakiyar jama'a, ka kuma zaunar da mutum ɗaya da agogo yana rubuta mintin da kowace tambaya ta fara.